Zanen Laffer: Yaushe ƙarin haraji ke rage kuɗin shigar gwamnati?

Zanen Laffer suna ne da ake kiran wani ra'ayi a ilimin tattalin arziki, wanda ke cewa idan kason harajin da ake karɓa ya wuce wani mizani, abin da ke shiga baitulmali raguwa zai yi maimakon ƙaruwa. An jingina shi ga Arthur Laffer, masani ɗan Amurka, wanda aka ruwaito ya zana shi a kan hankicin goge baki a wani gidan cin abinci da ke birnin Washington a 1974, yana yi wa wasu jami'an gwamnatin Shugaba Ford bayani. Sai dai shi kansa Laffer bai yi da'awar ƙirƙira ba. Ya ce Ibn Khaldun ya riga shi, a littafinsa Muƙaddima na shekarar 1377, inda ya lura cewa dauloli kan fara da sassauƙan haraji su tara da yawa, su ƙare da mai nauyi su tara kaɗan.

Tushen hujjar ba shi da wuyar ganewa. Idan haraji sifili ne, gwamnati ba ta samun komai. Idan kuma za ta ƙwace duk abin da mutum ya samu, babu mai fita nema, ko kuma babu mai bayyana abin da ya nemo, nan ma ba ta samun komai. Ke nan a tsakanin waɗannan biyu akwai wani ƙololuwa inda kuɗin shiga ya fi yawa, bayansa kuma sai gangara. Har nan babu saɓani tsakanin masana. Rigimar tana kan inda ƙololuwar take, da kuma ko wata ƙasa ta riga ta wuce ta.

Ɗan lissafi zai nuna abin da ake jayayya a kai. A ce masu biyan wani haraji sun bayyana ribar Naira miliyan 100, ana karɓar kashi 40 cikin 100, wato miliyan 40. Sai aka ɗaga shi zuwa kashi 50. Idan suka rage abin da suke bayyanawa zuwa miliyan 90, gwamnati za ta karɓi miliyan 45: ta ƙaru, ko da yake ba ta kai miliyan 50 ɗin da ta ƙiyasta ba. Idan ya sauka zuwa miliyan 80, an koma gidan jiya. Sai ya yi ƙasa da haka ne asara za ta fara. Amma da a ce daga kashi 10 aka ɗaga zuwa 20, sai fiye da rabin ribar ta ɓace kafin gwamnati ta yi asara, abin da ba kasafai yake faruwa ba. Don haka hujjar tana da ƙarfi a kan haraji mai tsanani, tana da rauni ƙwarai a kan wanda dama ƙarami ne.

Abin da ya faru a Birtaniya ya nuna dalilin da ya sa auna wannan martani na masu biya ke da wahala. A kasafin kuɗin Afrilun 2009, gwamnatin jam'iyyar Leba ta sanar da cewa daga Afrilun 2010 za a karɓi kashi 50, maimakon 40, a kan abin da mutum ya samu sama da fam 150,000 a shekara. Shekara guda ke nan aka ba attajirai su shirya, kuma sun shirya. Masu kamfanoni suka gaggauta biyan kansu ribar hannun jari, wasu kuma aka ba su garaɓasar aiki tun kafin lokacinta. Hukumar tattara haraji ta ƙasar ta ƙiyasta a 2012 cewa an jawo samun da ya kai fam biliyan 16 zuwa 18 zuwa shekarar da ta gabaci ƙarin. A shekarar farko ta sabon harajin, sai alƙaluma suka nuna kamar dukiyar masu hannu da shuni ta zube.

Gwamnatin da ta gaje ta ta kafa hujja da rahoton. A Maris 2012 ministan kuɗi George Osborne ya sanar da saukar da kason zuwa 45 daga Afrilun 2013, bisa ƙiyasin cewa asarar ba za ta wuce kimanin fam miliyan 100 a shekara ba. Sai aka maimaita wasan ta ɗaya fuskar: masu kuɗi suka jinkirta karɓar samunsu har sai sabon kaso ya fara aiki, harajin shekarar ya yi tsalle. Magoya bayan ragin suka ce ga zanen Laffer nan ƙuru-ƙuru. Masu suka suka ce kuɗi ne kawai aka sauya wa kwanan wata. Harajin kashi 50 ya yi shekara uku kacal, ta farko da ta ƙarshe duk wannan kai-komo ya gurɓata su, shi ya sa har yau kowane ɓangare ke karanta alƙaluman yadda ya ga dama.

Wannan ya fito da tushen saɓanin na biyu. Ba kowace raguwar samu ba ce take nufin mutane sun rage aiki ko zuba jari. Sau da yawa ɓoyewa ce, ko sauya wa kuɗi suna, ko karkatar da su ta kafar da doka ta bari. Masana irin su Peter Diamond da Emmanuel Saez, waɗanda a 2011 suka lissafa cewa ƙololuwar harajin manyan masu samu a Amurka tana wajen kashi 73 idan an haɗa duk harajin da ke kansu, suna ganin ƙololuwar ba kafaffiya ba ce: a toshe kafofin zillewa, sai ta matsa sama. Masu ra'ayin Laffer kuwa suna cewa irin wannan lissafi yana raina ɓarnar da ba ta bayyana sai bayan shekaru, kamar kamfanin da ba a kafa ba ko gwanin da ya yi ƙaura.

Inda hujja ta fi karkata shi ne a kan da'awar cewa rage haraji zai biya kansa. Jihar Kansas ta Amurka ta gwada a 2012 ƙarƙashin Gwamna Sam Brownback; giɓin kasafi ya yi ta faɗaɗa, har majalisar jihar, wadda 'yan jam'iyyarsa suka fi rinjaye a cikinta, ta soke mafi yawan ragin a 2017.

Harajin kaya a kan iyaka kuwa lamarinsa dabam ne, domin hanyar kaucewa a buɗe take. Lokacin da Najeriya ta ɗaga kuɗin fiton shinkafa zuwa kashi 110 a farkon 2013, shinkafar da ke sauka a tashoshin Legas ta ragu matuƙa, ta koma sauka a Kwatano tana shigowa ta fasa-ƙwauri, kuma a 2014 gwamnati ta sassauta kason. Ko da yake manufar ƙarin ita ce kare manoman gida, ba tara kuɗi ba, fiton da hukumar kwastam ta rasa baitulmalin Jamhuriyar Benin ne ya ci moriyar wani ɓangarensa.