Jadawali Guda, Tayi Huɗu: Me Ya Sa Jimillar Tsada Ba Ta Isa Auna Bashi Ba

Tsakure

Maƙalar ta gwada jadawalin da aka saba ba masu neman rance shawarar zanawa, mai ginshiƙai huɗu: kuɗin ruwa, caji, wa'adin biya da jimillar tsada. An gina tayi huɗu na misali a kan rancen naira 500,000, aka lissafa kuɗin da ke shiga hannun mai karɓa da wanda ke fita. An gano cewa jadawalin yana iya nuna tayi mafi tsada a matsayin mafi sauƙi, muddin ba a ƙara masa ginshiƙai biyu ba: kuɗin da ya shigo hannu, da ainihin farashin bashin a kowane wata.

1.0 Gabatarwa

Ɗan kasuwar da ke son ƙaro hatsi a Dawanau ko atamfa a Kantin Kwari yakan tambayi wurare uku ko huɗu kafin ya ci bashi. Wani ya ce masa kashi uku a wata, wani kashi talatin a shekara, wani kuma ya ce zai biya dubu saba'in da biyar kawai a kai. Duk ukun sun faɗi gaskiya, amma kowanne da mudunsa ya auna. Shawarar da ake bayarwa ita ce a jera su a jadawali guda, a dubi ginshiƙin ƙarshe, a ɗauki wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta. Rabin farko na shawarar daidai ne. Rabin ƙarshe ne wannan maƙala take jayayya da shi.

2.0 Waiwaye

Hukumomi sun daɗe da zaɓar ma'aunin shekara. Dokar Amurka ta 1968 ta tilasta wa masu ba da rance bayyana farashin shekara da aka sani da APR. A Jamhuriyar Nijar da sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin bankin BCEAO, ma'aunin TEG ne ake amfani da shi, wanda ya haɗa ruwa da caji, kuma a shekarar 2014 aka sa masa iyakar kashi 15 ga bankuna, kashi 24 ga ƙananan cibiyoyin rance. A Najeriya, jagorar caji ta Babban Banki da ta fara aiki a Janairun 2020 ta taƙaita kuɗin hidimar rance ga kashi ɗaya, a karɓa sau ɗaya.

Masu fifita jimillar tsada suna cewa talaka bai san kashi ba, naira ya sani. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce gwajin da Marianne Bertrand da Adair Morse suka wallafa a 2011, wanda suka yi a shagunan ba da rancen jiran albashi a Amurka. Sun gano cewa nuna wa mutane yawan dalar da za ta taru a kansu ya rage karɓar rancen da kusan kashi 11 a watanni huɗun da suka biyo baya. Ban musa wannan ba. Amma masu kafa hujja da shi suna tsallake yadda aka tsara bayanin: an nuna tsadar rancen a mako biyu, wata ɗaya, wata biyu da wata uku, a gefenta kuma tsadar katin bashi a daidai waɗannan lokutan. Wato an daidaita wa'adi tukuna kafin a kwatanta kuɗi. Jadawalinmu na gida bai yin haka. Yana ajiye tsadar kwana talatin kusa da tsadar shekara guda a ginshiƙi ɗaya, ya bar mai karatu ya ɗauka abu ɗaya ake aunawa.

3.0 Hanyar Bincike

Tayin huɗu na misali ne, ba na wani banki ba ne, an dai gina su bisa sigogin da ake samu a kasuwa. Ga kowanne an rubuta abin da ya shigo hannu ranar farko da abin da ake biya duk wata, aka nemo farashin watan da ke daidaita su da umarnin RATE na Excel. Na tayi na ɗaya shi ne:

```
=RATE(6,-98333,440000,50000)
```

4.0 Sakamako

| Tayi | Ruwan da aka ambata | Caji | Wa'adi | Jimillar tsada | Abin da ya shigo hannu | Ainihin farashi a wata |
|---|---|---|---|---|---|---|
| 1 | 3% a wata, kan uwar kuɗi | 10,000 | wata 6 | 100,000 | 440,000 | 6.6% |
| 2 | 4.5% a wata, kan ragowa | 5,000 | wata 6 | 86,635 | 495,000 | 4.8% |
| 3 | 30% a shekara, kan ragowa | 10,000 | wata 12 | 94,923 | 490,000 | 2.8% |
| 4 | 15% a wata | babu | kwana 30 | 75,000 | 500,000 | 15% |

4.1 Yadda kashi uku ya zama kashi shida da ɗoriya

Tayi na ɗaya shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin irinsa ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi haɗuwa da shi, kuma a nan ne lambar da aka faɗa ta fi nisa da lambar da ake biya. Tazarar tana zuwa hawa uku.

Hawa na farko shi ne yadda ake lissafa ruwan. Kashi uku na 500,000 naira 15,000 ne, sau shida ya zama 90,000. Ana haɗa wannan da uwar kuɗin a raba shida, mai bashi ya riƙa biyan 98,333 duk wata. Sai dai bai riƙe 500,000 har wata shida ba. Bayan biyan farko abin da ke hannunsa na banki ya koma kusan 416,667, a wata na shida kuma 83,333 kaɗai ya rage, amma har a lokacin 15,000 ake caje shi kamar bai biya ko sisi ba. A wannan wata na ƙarshe, ruwan ya kai kashi 18 na abin da ake bin sa. Idan aka baje wannan a kan wa'adin duka, farashin ya zama kashi 4.9 a wata. Tun kafin a taɓa maganar caji, kashi ukun tayi na ɗaya ya riga ya wuce kashi huɗu da rabi na tayi na biyu, wanda ake lissafa ruwansa kan abin da ya rage kawai. Shi ya sa ruwan na biyu ya tsaya a 81,635 duk da lambarsa ta fi girma a baki.

Hawa na biyu shi ne cajin da ake cirewa tun daga tushe. Naira 10,000 na fom da hidima ba a jira mai bashi ya juya kuɗin ya biya su, ana zare su ne kafin kuɗin ya shiga asusunsa. Ya karɓi 490,000, yana biyan ruwan 500,000. Wannan ya ɗaga farashin zuwa kashi 5.6.

Hawa na uku ne jadawali mai ginshiƙi huɗu ba ya gani ko kaɗan. Mai ba da rancen ya ce sai an bar kashi goma, wato 50,000, a matsayin ajiyar dole, za a mayar bayan an gama biya. Tun da za a mayar, ba ruwa ba ne, ba caji ba ne, don haka ba ya shiga jimillar tsada, wadda ke nan daram a 100,000 ko da ajiyar ko babu ita. Amma mai bashi ya tafi kasuwa da 440,000, kuma yana biyan ruwa a kan 50,000 da ke kwance a hannun wanda ya ba shi rancen. Da wannan farashin ya kai kashi 6.6 a wata, kusan kashi 80 a shekara idan aka ninka sau goma sha biyu, ga mutumin da aka faɗa wa kashi uku. Akwai kuma illar da ke biyo baya: idan kayan da zai saro na 500,000 ne cif, dole ya nemi rancen kusan 568,000 kafin abin da zai shigo hannunsa ya isa, ruwa da caji kuma su ƙaru gwargwadon haka.

Ana iya gane irin wannan tayi ba tare da kwamfuta ba. A nemi takardar tsarin biya a duba layin ruwa. Idan adadinsa bai canja ba daga watan farko zuwa na ƙarshe alhali ana rage uwar kuɗi, to kan uwar ake lissafi. Sannan a tambayi jami'in rance tambaya guda: ranar da za a saki kuɗin, nawa ne zai shiga asusuna?

4.2 Inda jimilla ke juya jeri

Wanda ya bi ginshiƙin jimillar tsada zai zaɓi tayi na huɗu, na manhajar waya, domin 75,000 ce mafi ƙanƙanta. Amma wannan kuɗin kwana talatin ne, kuma 575,000 za a biya a dunƙule. Ɗan kasuwar da jarinsa ke buƙatar wata shida kafin ya dawo, in ya yi ta sabunta rancen, zai biya 450,000 a ruwa kaɗai. Tayi na uku kuwa jimillarsa ta fi ta na biyu da sama da naira dubu takwas, amma shi ne mafi arha a kowane wata, kuma biyansa 48,744 ne, kusan rabin 96,939 na tayi na biyu. Jeri bisa jimilla ya ba da 4, 2, 3, 1. Jeri bisa ainihin farashi ya ba da 3, 2, 1, 4.

Wannan bai soke amfanin jimilla ba. Tsakanin tayi na ɗaya da na biyu, masu wa'adi ɗaya, ta nuna wanda ya fi sauƙi daidai. Tana aiki ne kawai idan wa'adi ya zo ɗaya.

Lissafin ya shafi cinikin murabaha ma, irin wanda bankin Jaiz ke yi tun da ya fara aiki a 2012. Hukuncinsa a shari'a daban ne, kuma ba shi ake tattaunawa a nan ba. Amma mai sayen da ke kwatanta ribar da bankunan Musulunci biyu suka ɗora wa kaya ɗaya yana buƙatar sanin kafin alƙalamin da zai bayar da tsawon wa'adin, domin riba ɗaya a wata shida da a wata goma sha biyu ba nauyi ɗaya ba ce.

5.0 Iyakokin Bincike

Dole a yarda cewa tayin na misali ne, kuma an ɗauka ana biya a kan kari, don haka tarar jinkiri ba ta shiga ba. Haka jingina, neman mai tsaya wa mutum, da kwanakin jiran amincewa, waɗanda kan hana ƙaramin ɗan kasuwa samun irin tayi na uku ko da ya san shi ne mafi arha. Waɗannan suna iya canja abin da mutum zai zaɓa, amma ba su canja ko ɗaya daga lambobin da ke jadawalin ba.

6.0 Shawara

Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masu koyar da ilimin kuɗi su daina raba jadawali mai ginshiƙi huɗu. A ƙara ginshiƙin kuɗin da ya shigo hannu da na ainihin farashin wata, a rubuta kusa da kowane ruwa ko kan uwa yake ko kan ragowa. Babban Banki kuma ya tilasta a lissafa ajiyar dole cikin farashin da ake bayyana wa mai karɓar rance kafin ya sa hannu.