La'anar Albarkatun Ƙasa: Hujjojin Ra'ayin da Sukan da Ake Yi Masa

Tambaya: Bayyana ra'ayin da ake kira la'anar albarkatun ƙasa, sannan ka tattauna manyan sukan da masana suka yi masa.

La'anar albarkatun ƙasa ra'ayi ne da ke cewa ƙasashen da Allah ya hore wa ma'adinai, musamman man fetur, sukan yi tafiyar hawainiya wajen bunƙasa, kuma sukan fi fama da rashin kyakkyawan shugabanci. Richard Auty ne ya fito da sunan a 1993. A 1995 kuma Jeffrey Sachs da Andrew Warner suka kwatanta ƙasashe da dama, suka nuna cewa waɗanda suka fi dogaro da sayar da ɗanyen kaya a waje sun fi jinkirin bunƙasa daga 1970 zuwa wajen 1990. Matsayin wannan maƙala shi ne, ra'ayin ya gano cututtuka na gaskiya, amma ya yi azarɓaɓi da ya ɗora laifin a kan arzikin kansa.

Hujja ta farko ita ce wadda ake kira cutar Holan, saboda abin da ya sami masana'antun ƙasar bayan gano iskar gas a Groningen a 1959. Idan kuɗin waje suka kwararo, darajar kuɗin gida takan tashi, kayan waje su yi araha, na gida su kasa gogayya. A Najeriya, an gano mai a Oloibiri a 1956, farashinsa kuma ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974. A wajen 1980 naira ɗaya ta kusa dala biyu. Mu ɗauki manomin gyaɗa a Kurfi a wancan zamani. Dalar da gyaɗarsa ta samo a waje 'yan kwabbai take zama in an canza ta, ga shinkafa da alkamar waje sun cika kasuwa, ga 'yan ƙwadago sun yi tsada domin matasa sun tafi aikin gini a Kaduna da Legas. Duk ƙoƙarinsa, noman sayarwa ya daina biya.

Hujja ta biyu ita ce hawa da saukar farashi. Gwamnati takan ɗauko manyan ayyuka lokacin da kuɗi ke shigowa, in farashi ya faɗi sai a bar su a rataye. Madatsar ruwa ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma misali ce a fili. An gina ta a kan kogin Karaduwa, aka kammala a 1983, da nufin noman rani da bai wa Katsina ruwan sha. Amma tun 1982 gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu, a 1986 kuma farashin mai ya rushe. Ruwa ya taru, hanyoyin kai shi gonaki da gidaje ba su kammalu ba, kuma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shan.

Hujja ta uku ta siyasa ce, Michael Ross ne ya fi fito da ita a 2001. Gwamnatin da ba ta rayuwa da harajin jama'a ba ta jin tilas ta saurare su, su ma ba sa jin zafin kuɗin da ba daga aljihunsu ya fita ba. A zamanin En'e, haraji da jangali ne ke cika baitulmalin Katsina. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin. An yi hakan ne don sauke wa talaka nauyin zalunci, amma kuɗin mai ne ya sa abin ya yiwu. A yau ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Kurfi, kamar takwarorinsu, kason wata-wata daga asusun tarayya suke jira, don haka idon shugabanni ya fi karkata ga mai rabo, ba ga manomi da ɗan kasuwa ba.

Sai dai ra'ayin ya sha suka. Mafi ƙarfi shi ne na Brunnschweiler da Bulte a 2008, waɗanda suka ce an gauraya abu biyu: yawan albarkatu da dogaro da su. Sachs da Warner sun auna kuɗin ɗanyen kayan da ƙasa ke sayarwa ne a kan jimillar abin da take samarwa. A ƙaddara ƙasashe biyu kowace na sayar da man dala biliyan 10. Ta farko jimillar tattalin arzikinta biliyan 20, ta biyu biliyan 200. Ma'aunin zai ce ta farko kashi 50 cikin 100, ta biyu kashi 5, alhali man nasu ɗaya ne. Ke nan ta farko ta fito a matsayin mai dogaro da mai ne don ba ta da masana'antu. Talaucin ne ya haifi dogaron, ba dogaron ya haifi talaucin ba. Da Brunnschweiler da Bulte suka auna arzikin da ke kan kowane mutum, sai alamar la'anar ta dushe.

Suka na biyu shi ne na ƙasashen da suka tsira. Norway ta kafa asusun ajiyar kuɗin mai a 1990, Botswana kuma ta bunƙasa da lu'ulu'u. Wanda ya fi kusa da mu shi ne Indunusiya, wadda a wancan lokaci take da yawan jama'a da mulkin soja da cin hanci irin namu. Ta zuba kuɗin mai a taki da noman rani, ta rage darajar kuɗinta a 1978 don kare masu sayar da kaya waje, har ta kai ga ciyar da kanta da shinkafa a tsakiyar shekarun 1980. Wannan ya yi daidai da matsayin Mehlum da Moene da Torvik na 2006, cewa ingancin hukumomi ne ke sa arziki ya zama alheri ko masifa. Haber da Menaldo kuma a 2011 sun bi dogon tarihin ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, ba su ga cewa samun mai ne ke jawo mulkin kama-karya ba.

Suka na uku shi ne, ra'ayin yana haɗiye wasu dalilan. Dalar gyaɗa ta Kano ba mai kaɗai ya rushe ta ba. Akwai farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da hukumomin sayen amfanin gona da suka daɗe suna biyan manomi ƙasa da farashin duniya tun kafin mai ya yi ƙarfi, har aka rushe su a 1986.

Su ma masu sukan ba su tsira ba. Cewa hukumomi ne matsala bai rufe magana ba, domin kuɗin mai kan lalata hukumar da ya tarar da rauni. Norway ta sami mai ne bayan ta kafu. Najeriya ta fara fitar da shi a 1958, kafin 'yancin kai, ya kuma yi ƙarfi a hannun soja bayan yaƙin basasa.

Hukuncin da ya fi dacewa shi ne, la'anar sharaɗi gare ta, ba ƙaddara ba ce. Hujjojin ra'ayin guda uku gaskiya ne, kuma ana ganin sawunsu a Zobe da gonakin Kurfi, amma ba sa aiki sai inda aka bar musu ƙofa. Mai iri ɗaya Najeriya da Indunusiya suka sayar, a kasuwa ɗaya, a shekaru ɗaya; abin da ya bambanta su shi ne yadda aka kashe kuɗin.