Abubuwan da ake dubawa kafin a buɗe sabon shafin intanet ga jama'a

Jerin binciken ƙarshe shi ne takardar da masu gina shafin intanet suke bi layi bayan layi a 'yan kwanakin da suka rage kafin a sanar da jama'a adireshinsa. Dalilin yin sa ɗaya ne: kwamfutar wanda ya gina shafi ba ta nuna masa gaskiya. Tana riƙe da tsofaffin kwafin shafukan, ya shiga da kalmar sirrinsa, intanet ɗinsa kuma yana da ƙarfi. Baƙon da zai shigo da ƙaramar waya wani abu dabam yake gani, haka ma Google, haka ma mai kutse. Saboda haka kowane mataki a jerin, ana yin sa ne daga waje, da idon baƙo.

Don bayanin ya fito fili, a ɗauka wata ƙungiyar matasa mai bibiyar ayyukan mazaɓu ta gina shafinta da manhajar WordPress. An yi ginin a adireshin gwaji, gwaji.example.org, ana kuma son buɗe shi a example.org ranar Litinin da safe. Shafin yana ɗauke da rahotanni, da hotunan ayyukan da aka yi watsi da su, da fom ɗin da jama'a za su riƙa tsegunta bayanai.

Juma'a: shirya adireshi da hanyar komawa

Tsarin DNS ne yake haɗa sunan shafi da sabar da ke ɗauke da shi. Kowane bayani a cikinsa yana da wa'adi mai suna TTL, wato yawan daƙiƙoƙin da kamfanonin sadarwa za su riƙe tsohuwar amsa kafin su sake tambaya. Idan an same shi a kan 86400, awa 24 ke nan. Ma'anarsa, in aka juya adireshin ranar Lahadi, mai karatu a kan wani layin zai ga sabon shafi, na wani layin kuwa yana iya wuni guda yana ganin tsohon wuri. Maganin shi ne a rage wa'adin zuwa 300, wato minti biyar, tun ranar Juma'a, domin sai tsohon wa'adin ya ƙare sabon yake fara aiki ko'ina.

A ranar ce kuma ake ɗaukar cikakken kwafin fayiloli da na rumbun bayanai, a ajiye a wani wuri da ba sabar ba. Ɗauka kaɗai ba ta isa ba. Sai an ɗora kwafin a wani wurin gwaji an ga shafin ya tashi, domin kwafin da ya yanke a tsakiya ba ya nuna alama sai ranar da aka neme shi.

Asabar: abin da bai kamata a gani ba

Wannan shi ne mataki mafi nauyi, domin sauran kurakurai suna gyaruwa, amma sirrin da ya fita ya fita. Ana yin sa kafin a juya adireshi, ba bayansa ba. Tunanin cewa ai babu wanda ya san da shafin kuskure ne: duk takardar shaidar tsaro da aka bai wa shafi ana rubuta ta a rajistar da kowa yake iya karantawa, kuma akwai manhajojin masu kutse da aikinsu ke nan, su ga sabon suna su faɗa masa.

Abin da suke nema shi ne tarkacen da masu gini suka bari. Ana gwadawa da waɗannan umarni:

```
curl -I https://gwaji.example.org/.env
curl -I https://gwaji.example.org/.git/HEAD
curl -I https://gwaji.example.org/wp-config.php.bak
```

Layin farko na amsar shi ne abin dubawa. Lambar 403 ko 404 tana nufin ƙofa a rufe take ko babu fayil ɗin. Lambar 200 kuwa tana nufin sabar ta miƙa wani abu, sai a buɗe a ga ko mene ne. Fayil na uku ya fi yaudara: sabar ba ta nuna abin da ke cikin wp-config.php, amma da zarar wani ya yi kwafinsa ya ƙara masa .bak a ƙarshe, tana iya miƙa shi a matsayin rubutu zalla, da kalmar sirrin rumbun bayanai a ciki. Matsalar ba ta 'yan koyo kaɗai ba ce. A 2018, wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Cek, Vladimír Smitka, ya gano shafuka kusan 390,000 da suka bar .git a buɗe. Idan aka tarar da irin wannan, goge fayil ɗin rabin aiki ne. Dole a sauya duk kalmar sirrin da ke cikinsa.

Daga nan sai asusun masu shiga. Ana goge na gwaji da na waɗanda suka gama aikinsu, a kawar da mai suna admin, sannan a sa wa sauran tantancewa mai mataki biyu. A mafi yawan shafukan WordPress, adireshin /wp-json/wp/v2/users yana nuna sunayen waɗanda suka wallafa rubutu, don haka wakilin da ke rubutu da sunan aro ya tabbata sunansa na gaskiya bai fito a can ba.

Hotuna ma suna tona asiri. Wayar da aka bari tana gane wuri takan rubuta a cikin hoton ainihin inda aka ɗauke shi da lokacin. A Disambar 2012, irin wannan bayani a cikin hoton da mujallar Vice ta wallafa ne ya nuna cewa John McAfee, wanda hukumomin Belize suke nema, yana Guatemala. Ga ƙungiyar da mutanen gari suke aiko wa hotuna a ɓoye, wannan batu ne na lafiyar mutum. Ana share bayanan kafin a ɗora hoton:

```
exiftool -all= hoto.jpg
```

Lahadi: juya adireshi da tabbatar da kwaɗo

Bayan an juya adireshin, rumbun bayanan yana nan cike da tsohon sunan gwaji a jikin hotuna da mahaɗai. Ana sauya su da umarni guda:

```
wp search-replace 'https://gwaji.example.org' 'https://example.org' --dry-run
```

Kalmar ƙarshe ta umarnin tana sa ya ƙirga wuraren da zai taɓa ba tare da ya taɓa su ba. In lissafin ya yi daidai, sai a cire ta a sake bayarwa. Wanda ya tsallake wannan ba zai ga illa a ranar ba, sai ranar da aka rufe adireshin gwaji hotuna su ɓace gaba ɗaya.

Sai HTTPS, wanda yake ɓoye abin da ke gudana tsakanin mai karatu da sabar. Tun Yulin 2018 burauzar Chrome take rubuta Not secure a kan duk shafin da ba shi da shi. Ana gwada siffofi huɗu na adireshin: mai www da marar www, kowanne da http da https. Duka huɗun su kai ga wuri ɗaya. Takardun shaida na kyauta da Let's Encrypt take bayarwa gajeren wa'adi gare su, an saba da kwana 90, don haka a tabbata sabuntawar tana gudana da kanta. In ba haka ba, bayan wata uku masu karatu za su tarar da gargaɗi a madadin labari.

Ƙofar injinan bincike

A lokacin gini, akan hana Google ganin shafi don kada ya kwashi rubutun gwaji. A WordPress, akwati ne a ƙarƙashin Settings, sashen Reading, mai rubutun Discourage search engines from indexing this site. Mantawa da shi kuskure ne marar alama: shafi yana buɗewa lafiya, amma makonni su wuce ba a ganin sa a sakamakon bincike. Bayan an cire alamar, ana tabbatarwa daga waje:

```
curl -s https://example.org/ | grep -i noindex
curl -s https://example.org/robots.txt
```

Umarni na farko kada ya dawo da komai. A na biyu, layin da ya ce Disallow: / shi kaɗai, ba tare da wani abu bayan sandar ba, yana nufin an rufe shafin duka.

Haruffa masu lanƙwasa da ƙaramar waya

Shafin Hausa yana da gwajinsa na musamman. A rubuta kanun labari mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, a duba shi a waya. Yadda ya lalace shi yake nuna inda cutar take. Idan "ƙasa" ta koma "Æ™asa", rubutun UTF-8 ne ake karantawa da wani tsari dabam, sai a duba ko shafin yana da layin meta charset="utf-8". Idan alamar tambaya ce ta maye gurbin harafin, galibi rumbun bayanai ne ba a saita shi a kan utf8mb4 ba. Idan kuwa ɗan akwati ya fito, ko harafin ya bambanta da 'yan uwansa, salon rubutun da aka zaɓa ne ba shi da shi.

A yi gwajin da waya mai araha, da data, a kashe Wi-Fi. Hoto ɗaya da ya fito kai tsaye daga kyamara yana iya kai megabait 5. Guda goma a shafin farko sun zama megabait 50 daga datar mai karatu.

Bin kowace hanya har ƙarshenta

Fom ba ya cin jarrabawa don ya nuna "an aika". Sai an cike shi, an haɗa hoto, an ga saƙon ya isa akwatin imel ɗin da aka nufa, ba cikin tarkace ba. Tun da yana karɓar bayanan mutane, a gefensa a bayyana me ake tattarawa da dalilin tattarawar, kamar yadda Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta buƙata.

Kuma kowace irin shigarwa a gwada ta dabam, domin nasarar ɗaya ba ta tabbatar da ɗaya. Shafin IReV na hukumar INEC ya yi aiki a zaɓukan gwamnoni na Ekiti da Osun a 2022, amma ranar 25 ga Fabrairu, 2023, sakamakon 'yan majalisa yana shiga, na shugaban ƙasa yana dawowa da kuskuren HTTP 500. A rahotonta, hukumar ta ce an tsara shi ne ya jera sakamako a ƙarƙashin jihohi, alhali zaɓen shugaban ƙasa ba na jiha ɗaya ba ne. Ba kowa ya gamsu da bayanin ba, amma in an ɗauke shi yadda yake, hanyar da ta fi kowace muhimmanci ce ta karye a ranar da aka fi buƙatar ta.

Safiyar Litinin

Kafin sanarwa, ana maimaita gwajin fayilolin sirri a kan example.org, tun da saitin sabon wuri yana iya bambanta, sannan a kulle adireshin gwaji da kalmar sirri. A gaban kowane layi na jerin a rubuta sunan wanda ya duba da lokacin, kuma kada mai dubawa ya zama shi ne ya gina sashen. Wa'adin TTL yana zama a kan 300 na kwana biyu ko uku, don a iya komawa baya cikin minti biyar idan wani abu ya ɓaci. In komai ya daidaita, sai a mayar da shi yadda yake.