Shekarun dutsen ado a raminsa suke

Yau zan yi magana ne a kan tsofaffin duwatsun wuya, irin waɗanda ake tsinta a adudun kaka ko a hannun dillalai. Duk dillalin da ka tambaya zai ce maka dutsensa ya shekara ɗari biyar. To ta yaya za ka gane gaskiyarsa kafin ka zaro kuɗi? Ni abin da nake fara dubawa shi ne bakin dutsen da ramin zarensa, launi kuwa sai daga baya.

Bari mu fara da na gilashi. Akwai wani shuɗin dutse da Turawa ke kira shebron, wanda idan ka kalli bakinsa za ka ga tauraro, galibi mai tsini 12. A tsibirin Murano na birnin Venice aka fara yin sa, wajen ƙarshen ƙarni na 15. Ana tsoma narkakken gilashi cikin launi bayan launi, ana danna shi cikin mazubi mai haƙora, sannan a ja shi ya zama doguwar sanda a yayyanka. Saboda haka kowane launi hawa ɗaya ne, kuma za ka iya ƙirga su daga rami zuwa waje.

A ce ga guda biyu a tafin hannunka. Na farko ka ƙirga ka sami hawa 7, na can ciki kore ne garai-garai, sannan an goge bakinsa da hannu ya yi fuska shida. Wannan siffar ƙirar farko ce, ta ƙarshen ƙarni na 15 zuwa na 16. Na biyu kuwa hawa 6 ne ko 4, da fari da ja da shuɗi, bakinsa a mulmule. Wannan ya fi kama da na ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, lokacin da aka yi ta loda su zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ka ga tsakaninsu akwai wajen shekara 300, alhali daga nesa duk shuɗi ne. Amma fa a kula, har yau ana ƙera shebron a Indiya da Sin, shi ya sa ƙirga hawa kaɗai bai isa ba. Dubi bakin ramin, domin dutsen da ya daɗe a wuya zare yakan cinye masa baki ya yi sumul.

Na dutse kuma, kamar jar tsakiya, hudar ce ke ba da labari. Maƙeran Khambhat a Indiya sukan huda ta da lu'ulu'u daga ɓangare biyu, sai ramukan su haɗu a tsakiya, sau da yawa a ɗan karkace. Ɗaga dutsen ka haska shi, za ka ga mahaɗar. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga kasuwar da dutsen da yake sayowa daga Brazil, kuma nasu fuskokin sun fi daidaita. Ga kuma lantana ta Ilori, wadda fataken Hausawa ke kai wa ɗanyen jan dutsen daga yankin kogin Kwara. Ita da ƙwanƙwasa ake huda ta, da ɗan tsinken ƙarfe, kaɗan-kaɗan. Idan kuwa ka ga wani siririn layi ya bi jikin "tsakiyar" daga baki zuwa baki, ko kumfar iska a cikinta, to gilashi ne aka zuba a mazubi, irin kwaikwayon da aka yi ta yi a Bohemiya.

Na tagulla su ne masu wuyar sha'ani. Asante da Baule sukan siffanta dutsen da kakin zuma, su lulluɓe da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba ƙarfe a gurbinsa. Da yake har gobe haka ake yi, siffa ba ta nuna shekaru. Baƙin da ya yi ma ba shaida ba ne, ana iya sa shi cikin 'yan kwanaki. Abin dubawa shi ne inda ya goge: tsohon gaske zanensa ya shafe a tudu, inda yake gogar fata da maƙwabcinsa, kwarin kuma yana nan da kaifinsa.

Sai dai duk wannan lokacin ƙira yake gaya maka, ban da ranar da dutsen ya iso gidanku. Tsinkakken zare akan sake shi, a haɗa tsoho da sabo, don haka ba a ba wa sarƙa shekarun dutse ɗaya da ke cikinta. Tabbataccen lokaci sai wanda aka tono a ƙasa tare da abin da za a iya aunawa, kamar a Igbo-Ukwu, inda aka sami duwatsun ado fiye da 100,000 na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Shi ya sa wanda ya haƙe tsohon kufai ya kwashe duwatsu ya sayar, ya ɓatar da shaidar da ta fi dutsen daraja.

Idan akwai irinsu a gidanku, kada ku kankare su da yashi ko toka. Ku ɗauko, ku haska ramin, ku ƙirga hawan. Sai mun haɗu a shiri na gaba.