Marin da ake yi wa sarkin Babila

A rana ta biyar ta bikin Akitu, wanda Babilawa ke yi a watan Nisannu, farkon shekararsu, sarki yakan shiga Esagila, haikalin Marduk, uban gumakan birnin. Babban limamin haikalin zai tare shi, ya karɓe sandar mulki da kambi da sauran kayan sarauta, ya ajiye su a gaban gunkin. Sai ya sharara wa sarki mari, ya ja kunnuwansa, ya durƙusar da shi. A durƙushe sarki zai furta cewa bai yi zunubi ba, bai yi sakaci da bauta ba, bai rushe Babila ba, bai kuma mari 'yan birni masu alfarma ba. Daga nan liman ya yi masa albishir da yardar Marduk, ya mayar masa da kayansa, ya sake marinsa. In hawaye ya zubo, Marduk ya yarda da shi. In ido ya bushe, Marduk ya yi fushi, abokan gaba za su taso.

Allunan yumɓun da suka kawo wannan bayani na zamanin Selukawa ne, bayan Babila ta daina yin sarakuna na kanta, don haka masana na taka-tsantsan da su, domin limamai ne suka rubuta, kuma ba su rage wa kansu girma ba. Duk da haka sun nuna yadda aka ɗauki sarauta: aro ce daga Marduk, ana sabunta ta duk shekara, kuma ta hannun liman take bi. A lura da abin da sarki ke rantsuwa a kai. Manyan Babila, waɗanda aka yafe wa wasu haraji da aikin tilas, sun cusa haƙƙinsu cikin ibada.

Amma haikali ma bai wadatu da kansa ba. A wurinsu gunki mai gida ne: ana ciyar da shi safe da yamma, ana tufatar da shi, yana da gonaki da garken tumaki da masaƙa. Sarki ne ke gina haikali da gyara shi, shi ke ba da filaye da ganima, a kuma aika masa da ragowar abincin gunki don tabarruki. Uwa uba, Marduk ba ya fita zagayen Akitu sai sarki ya “kama hannunsa”, bayan ɗansa Nabu ya iso ta jirgin ruwa daga Barsifa. In babu sarki, gunki na ɗaki.

An ga abin da ke faruwa in igiyar ta tsinke a zamanin Nabonidus, wanda ya yi mulki daga 556 zuwa 539 kafin haihuwar Annabi Isa. Zuciyarsa tana wajen Sin, gunkin wata na birnin Harran, wanda mahaifiyarsa ta bauta wa tsawon rayuwarta. Ya kuma ƙarfafa ikon jami'an fada a kan dukiyar haikali, kamar yadda takardun Eanna na Uruk suka nuna. Sannan ya tafi Taima, a arewacin Larabawa, ya zauna kimanin shekara goma, ya bar ɗansa Belshazzar riƙon ƙasa. Riƙo ba sarauta ba ne, don haka ɗan bai isa ya kama hannun Marduk ba. Marubutan tarihin Babila suka riƙa maimaita magana ɗaya shekara bayan shekara: sarki bai zo ba, Nabu bai zo ba, Marduk bai fita ba, ba a yi biki ba.

Ya dawo, an yi bikin a 539, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A kakar shekarar Sairus na Farisa ya karya rundunar Babila a Ofis, mayaƙansa suka shiga birnin ba tare da yaƙi ba. Rubutun nan na yumɓu mai siffar ganga da aka tono a Babila a 1879 ya juya al'adar Akitu: Marduk ne da kansa ya duba ƙasashe yana neman sarki adali, ya kama hannun Sairus, ya kira sunansa. Baƙin jinin Nabonidus kusan duk daga irin waɗannan rubuce-rubuce na bayan faɗuwarsa ya fito, kuma a ganina ya kamata a karanta su da wannan a zuciya. Babu hujjar cewa limamai ne suka buɗe ƙofa. Abin da ya tabbata shi ne sun ba baƙo harshen da zai halatta mulkinsa, shi kuma ya mayar da gumakan da Nabonidus ya tara a Babila garuruwansu. Da Nisannu ya zagayo, ɗansa Kambises ya shiga haikali domin bikin sabuwar shekara.