Zana Maciji, Ƙara Masa Ƙafafu: Tarihin Wani Karin Maganar Sin

Hua she tian zu na cikin karin maganar Sinawa masu haruffa huɗu da ake kira chengyu. Haruffan na nufin zana, maciji, ƙara, ƙafa, wato a zana maciji sannan a yi masa ƙafafu. Wanda ya tsaya ga wannan hoto zai ɗauka zancen aikin banza ake yi kawai, amma labarin da ya haifi maganar ya nuna tana nufin ƙarin da ke jawo asarar abin da ya riga ya shiga hannu.

Labarin yana cikin littafin Zhanguo Ce, wanda Liu Xiang ya tattara a zamanin daular Han. A shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa, Zhao Yang, kwamandan ƙasar Chu, ya ci ƙasar Wei da yaƙi, ya ƙwace garuruwa takwas, sannan ya nufi ƙasar Qi. Sai Chen Zhen ya je masa a madadin sarkin Qi da wani misali. Wani mai gida ya ba barorinsa ƙoƙon giya guda, wanda ya yi wa taro kaɗan, ya yi wa mutum ɗaya yawa. Suka shirya kowa ya zana maciji a ƙasa, wanda ya riga gamawa ya sha. Na farkon ya ɗauki ƙoƙon da hagu, ya shiga yi wa macijinsa ƙafafu da dama. Kafin ya ƙare, wani ya gama nasa, ya fizge ƙoƙon ya shanye, domin abin da ke da ƙafa ya tashi daga maciji.

Chen Zhen ya ɗaure misalin da lissafi. Nasarar da Zhao Yang ya samu ta isa ta ba shi sarauta mafi girma da mayaƙi ke samu a Chu. Sama da ita sai muƙamin lingyin, kwatankwacin waziri, kuma sarki ba ya naɗa biyu. Ke nan cin Qi ba zai ƙare shi da komai ba, faɗuwa kuwa za ta raba shi da duk abin da ya samu. Zhao Yang ya janye rundunarsa.

Ana iya cewa Chen Zhen ɗan aike ne, Qi yake karewa, ba Zhao Yang ba. Haka ne, sai dai son ran mai magana bai rushe lissafin ba, shi ya sa kwamandan ya karɓa. Ana kuma iya cewa Sinawan yau kan faɗi maganar a kan ƙaramin abu, kamar sakin layin da ɗalibi ya liƙa bayan rubutunsa ya kammala. Ko a nan malamin da ya faɗi maganar yana nufin ƙarin ya rage wa rubutun daraja, irin abin da Bahaushe ke kira garin neman gira a rasa ido. Inda ƙarin bai cutar da komai ba, maganar ba ta zauna daidai ba.