Yadda ƙaramin ɗan kasuwa zai kwatanta farashin shagunan intanet ba tare da ya ruɗi kansa ba

Jadawalin bibiyar farashi takardar lissafi ce a kwamfuta ko a waya, wadda ake tara farashin kaya iri ɗaya daga shagunan intanet daban-daban, ana sabunta shi lokaci bayan lokaci. Maimakon a riƙa kwafa da hannu, wata 'yar manhaja ce ke buɗe shafin kayan, ta tsamo lambar farashin, ta ajiye. Tsamo lambar ba shi ne mai wuya ba. Inda akan yi asara shi ne wurin kwatantawa, domin abin da aka gani a allon waya ba shi ne abin da kayan zai ci ba kafin ya iso shago a Ƙofa, cikin Ƙaramar Hukumar Kusada ta Jihar Katsina.

Shagunan ba iri ɗaya ba ne

Jumia da Konga, waɗanda dukansu suka fara aiki a Legas a 2012, suna ɗauke da masu sayarwa da dama, don haka kaya guda yana iya fitowa da farashi uku ko huɗu a shago ɗaya. Jiji kuwa dandalin talla ne: mai kaya ne ke rubuta farashinsa, akan yi ciniki, kuma sabo da na hannu suna gauraye. Saboda haka farashin Jiji taya ne kawai, bai kamata a jera shi da sauran a matsayin kuɗin da za a biya ba.

Ya dace kuma a ƙara layi guda da ake cikewa da hannu: farashin dilan da ɗan kasuwa ya saba sara a wurinsa, misali a kasuwar wayoyi ta titin Beirut da ke Kano. Shi ne ma'aunin da sauran za su yi gogayya da shi.

Tsamo farashi da tsaftace shi

Hanya mafi sauƙi ita ce umarnin `IMPORTXML` na Google Sheets, wanda ake ba shi adireshin shafi da wurin da farashin yake. Yana da iyaka: ba ya ganin farashin da sai shafi ya gama buɗewa yake bayyana, kuma wasu shaguna suna toshe shi, sai a ga `#N/A` a gurbin. Haka kuma sabon farashi yakan goge tsohon, don haka wanda ke son tarihi sai ya riƙa kwafe lambobin zuwa wani shafi kowace rana, tare da kwanan wata.

Abin da aka tsamo rubutu ne mai alamar naira da waƙafi, ba lamba ba. Idan yana gurbin J2, ana mayar da shi lamba da wannan:

```
=VALUE(REGEXREPLACE(J2,"[^0-9.]",""))
```

Akwai kurakurai biyu da suka fi yawa a nan. Na farko, shafi yakan nuna tsohon farashi da aka ja wa layi kusa da na yanzu, manhajar ta ɗauko tsohon. Na biyu, idan kayan yana da girma daban-daban, shafin yakan rubuta 18,500 zuwa 21,000. Tsaftacewar sai ta manne su ta ba da 1850021000. Duk lambar da ta yi tsawon da ya wuce hankali, daga nan ta fito.

Shin kayan ɗaya ne kuwa?

Sunan da mai sayarwa ya rubuta ba abin dogaro ba ne, domin kowa da yadda yake ƙawata nasa. Abin da ake dubawa shi ne sunan kamfani, da lambar samfurin da ke jikin kwali, da girma ko ƙarfi, da kuma guda nawa ke cikin ƙunshi. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya saɓa, kaya biyu ne daban. Ɗan kasuwa ya ba kowane kaya lambarsa ta kansa, ya haɗa adireshin kowane shafi da wannan lamba da hannunsa sau ɗaya, bayan ya duba da ido. Kaya goma zuwa ashirin da suka fi tafiya sun isa a fara da su.

Kuɗin guda ɗaya a bakin shago

Kuɗin kaiwa ba ya bayyana sai an zaɓi gari, kuma yakan bambanta da nisa da nauyin kaya, don haka da hannu ake shigar da shi. Idan kayan zai tsaya a wurin karɓa a Katsina ko Kano, sai a ƙara kuɗin motar ɗauko shi ta hanyar Kankiya. Idan D farashi ne, E yawan ƙunshin da za a saya, F guda nawa ke cikin kowanne, G kuɗin kaiwa, H kuɗin mota, lissafin shi ne:

```
=(D2*E2+G2+H2)/(E2*F2)
```

Ga misali, da lambobin da aka ƙaddara don bayani kawai. Mai shagon kayan waya a Ƙofa yana son fawabank goma masu ƙarfin 20,000 mAh.

Shago na farko ya sa naira 18,500 kowane ɗaya. Goma sun kama 185,000. Da kuɗin kaiwa 6,000 da na mota 4,000, jimla 195,000, wato 19,500 kowane ɗaya.

Shago na biyu ya nuna 34,000, wanda a ido shi ne mafi tsada. Amma ƙunshi ne na biyu-biyu. Ƙunshi biyar sun kama 170,000. Da kaiwa 9,000 da mota 4,000, jimla 183,000, wato 18,300.

Shago na uku ya nuna 12,000. Da aka buɗe shafin, sai aka tarar mai ƙarfin 10,000 mAh ne, aka cire shi.

Dilan Kano ya ce 18,200, kuma zai ba direba saƙon a kan 3,000. Jimla 185,000, wato 18,500.

Wanda ya bi lambar allo kawai, da shago na uku zai zaɓa, ya sayo kayan da ba shi yake nema ba. Bayan gyara, shago na biyu ne ke gaba, amma da naira 200 kacal a kan kowane ɗaya, wato 2,000 a kan goman. Idan kayan intanet zai yi kwanaki a hanya, dila kuwa zai aiko a yini guda kuma yana karɓar wanda ya lalace, wannan rara ba ta kai a bar shi ba.

Alamun cewa jadawalin ya fara ƙarya

Kada a ɗauki mafi araha a matsayin farashin kasuwa. A jera farashin guda ɗaya daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya, abin da umarnin `MEDIAN` ke yi. Duk wanda ya kauce masa da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, a buɗe shafinsa a duba. A misalin da ke sama, 12,000 ya gaza na tsakiya da kusan kashi ɗaya bisa uku.

Farashin da ya yi makonni bai motsa ba alhali sauran suna hawa da sauka, galibi na kayan da ya ƙare ne, shi ya sa ake ware gurbi na "akwai" ko "babu". Ba a kuma kwatanta farashin yau da na makon jiya, musamman a kayan da ake shigowa da su daga waje, waɗanda ke bin canjin dala. Rangwamen watan Nuwamba ma a yi masa alama, kada ya gurɓata lissafin sauran watanni.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Kafin a fara, a karanta sharuɗɗan shagon da fayil ɗinsa na `robots.txt`, wanda ke nuna sassan da ba a yarda manhaja ta shiga ba. Inda aka hana, sai a kwafa da hannu. Sau ɗaya a rana ya wadatar. Yawan buga wa shafi yakan jawo toshewa. A tsaya ga farashi da bayanin kaya, a bar sunaye da lambobin wayar masu talla, domin waɗannan bayanan mutane ne da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta shafa.